Agogonka bai lalace ba, wani ne ya ƙare masa

Wataƙila ka gaji agogon Seiko 5 daga mahaifinka, ka cire shi ranar Juma'a da yamma, ka ɗauko Litinin da safe ka tarar ya tsaya cik. Kada ka yi saurin kai shi a canza batir, domin agogon otomatik ba shi da batir. Mai buɗe shi ba da sani ba yana iya jawo maka asara.

Ƙarfinsa daga wani siririn sifirin yake zuwa, wanda ke naɗe a cikin ɗan gwangwani. Yana warwarewa a hankali yana tura haƙoran da ke juya hannayen agogon. A agogon da, kai ne ke wana shi kullum da yatsa. A wannan kuwa, an sa wani ƙarfe mai ɗan nauyi a bayan injin, siffarsa kamar rabin faifai. Duk sa'ad da ka motsa hannu, sai ƙarfen ya juya, haƙora su kai juyin ga sifirin ya ƙara naɗuwa. Idan ya cika kuma, ƙarshensa yakan zame a jikin gwangwanin, don haka yawan motsi ba ya tsinka shi.

To, in ka ajiye agogon, naɗi ya tsaya, warwara kuwa tana ci gaba. Cikakken wani a yawancin irin waɗannan agogo yakan kai kamar awa 40. Ka cire ƙarfe 6 na yammacin Juma'a, zuwa 10 na safiyar Lahadi ya ƙare ke nan. In kuwa a zaune ka yini a ofis, da ma bai cika ba, sai ya tsaya tun Asabar.

Tayar da shi ba wuya. In yana karɓar wani, murza ɗan maɓallin gefe sau 20 zuwa 30. Tsofaffin Seiko 5 da yawa ba sa karɓa, sai dai ka riƙa kaɗa shi gefe da gefe a hankali kamar minti ɗaya, sannan ka saita ka ɗaura. Amma in hannayensa sun tsaya tsakanin 9 na dare da 3 na asuba, matsar da su kafin ka gyara kwanan wata, domin a lokacin haƙoran kwanan suna sarƙe.

Yaushe za ka nemi mai gyara? Ka yini da shi kana zirga-zirga, ka ajiye da dare ka rubuta lokacin. In ya tsaya kafin gari ya waye, ko ka ji ƙarfen yana gurzar murfi, to mai ya bushe ko wani abu ya cinye, yana buƙatar wanki da sabon mai.

Gwada naka, ka faɗa mana awa nawa ya yi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.