Gabatar da baƙo a Zongon Lome: me za a fassara, me za a faɗa sau ɗaya?

Kalmar Zongo daga “zango” ta fito, wato masaukin fatake, kuma unguwar da ke ɗauke da wannan suna a Lome, babban birnin Togo, ba ta rabu da halin masauki ba har yau. Tsohon Zongo yana tsakiyar gari ne, sai hukuma ta rushe shi a 1977, aka mai da mutanensa arewacin birnin, wajen Agoe. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya wallafa littafi a kan ’yan kasuwar unguwar a 1983. Akwai Hausawa a cikinta, da Zabarmawa, da Fulani, da Kotokoli, da Yarabawa, Hausa kuwa ita ce harshen da ke haɗa su. Amma harshen makaranta da ofis a Togo Faransanci ne. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa lasifika a taron unguwa aka ce ya gabatar da baƙo, to, harsuna biyu ne ke jiransa.

Abin da akasari ake yi shi ne a faɗi komai da Hausa, sa’an nan a sake faɗin komai da Faransanci. Ra’ayina shi ne wannan kuskure ne, ko da yake kuskure ne na mai kyakkyawar niyya. Mai yin haka ya ɗauka cewa mutanen da ke gabansa kashi biyu ne, wasu Hausa kaɗai suke ji, wasu Faransanci kaɗai. A gaskiya kashi uku ne, kuma na ukun, masu jin duka biyun, su ne matasa da duk wanda ya yi boko. Gabatarwar minti uku ta zama ta minti shida, rabinta kuma maimaici ne a kunnen waɗannan. Da zarar an shiga harshe na biyu za ka ji hayaniya ta fara tashi daga baya, sai wanda aka yi fassarar dominsa ya kasa jin ta.

Bari mu ɗauki misali. Ƙungiyar unguwa ta gayyato wata likita ta yi bayani a kan hawan jini. Ita ba ta jin Hausa. A sahun gaba akwai Sarkin Zongo da limamai da dattawa, wasunsu ba su jin Faransanci. Bayan jawabi za a sanar cewa za a yi awon jini ranar Asabar bayan La’asar, katin awo kuma tamma 500 ne na sefa. Gabatarwar tana da sassa huɗu: sallama da gaishe-gaishe, jerin manyan baƙi, bayanin wace ce likitar, da sanarwar awon. Kowane sashe da irin hukuncinsa.

Sallama sau ɗaya ake yin ta. Ba labari ba ce da za a ce wani ya rasa shi, aiki ne da ake yi da baki, kuma jama’a na amsawa ya cika. Likitar ba ta bukatar tafinta kafin ta gane an gai da mutane sun amsa. Abin da take bukata shi ne jimla guda ta maraba da harshen da take ji, wadda aka fuskance ta aka faɗa mata. In akwai maƙwabta Ewe ko Mina a wurin, kamar yadda aka saba a Lome, kalma ɗaya ta maraba da harshensu ta isa ta nuna an gan su.

Jerin manya shi ma sau ɗaya, da Hausa. Suna ba ya bukatar fassara, kuma jerin yana da haɗarin da baƙon ido ba ya gani: tsarinsa shi ne girmamawar. Wanda aka fara ambata ya san dalili, wanda aka ambata na huɗu shi ma yana ƙirgawa. In ka sake jerin da Faransanci ka tsallake mutum ɗaya, ko ka sa na uku a gaban na biyu, ka jawo maganar da za ta fi taron daɗewa. Laƙabi ma a bar shi yadda yake. Mai da Malam ya koma “mushe” rage masa daraja ne. Ga ɗalibin da ya koyi Hausar Kano, a lura: a Hausar Nijar mushe na nufin malamin boko, daga kalmar girmamawa ta Faransanci aka aro ta, ba ta da alaƙa da dabbar da ta mutu ba yanka. Ko da haka, ba kalmar da za a ɗora wa malamin allo mai furfura ba ce. Abin da ya kamata a ba likitar shi ne taƙaitawa: a ce mata da Faransanci waɗanda ke sahun gaba su ne sarkin unguwa da limamai da dattawan kasuwa. Wannan ya ishe ta ta san inda za ta fara russunawa.

Sashe na uku shi ne inda na fi saɓa wa masu fassara kalma da kalma. Dole a bayyana baƙuwar da harsunan biyu, amma ba abu ɗaya za a faɗa ba, domin tambayar da ke ran kowane ɓangare dabam ce. Jami’an da suka rako ta, da ita kanta, suna sauraron a faɗi muƙaminta daidai da sunan ma’aikatarta daidai. Wannan da Faransanci za a faɗe shi, yadda yake a takarda, sau ɗaya. Dattijon da ke sahun gaba kuwa tambayarsa ita ce: wa ya kawo ta, kuma me ya sa zan miƙa mata hannuna? Dogon sunan ma’aikata da aka jujjuya zuwa Hausa ba ya amsa wannan. Ga abin da zan faɗa:

“Jama’a, baƙuwarmu ta yau likita ce, aikinta duba masu hawan jini. Ba ita ta kawo kanta ba, mu muka je muka roƙe ta, da sanin Sarki da iznin iyayenmu. Ta bar marasa lafiya a asibiti ta zo nan, don haka mu ba ta kunnuwanmu.”

Babu jimlar da ta yi daidai da ta Faransancin, amma babu wadda ta saɓa mata. Sharaɗin ke nan, kuma masu jin harsunan biyu su ne alƙalansa. In ka ce mata babbar likita da Hausa, alhali da Faransanci ka kira ta ma’aikaciyar jinya, za ka ga matasa suna kallon juna suna murmushi, kuma daga nan ba za su ƙara yarda da fassararka ba. Zuga ɗabi’ar gabatarwar Hausa ce, mun gaje ta daga maroƙa da sanƙira, amma a gaban masu harshe biyu a zuga hali da ƙoƙari, kada a ƙara wa mutum muƙamin da ba nasa ba.

A lura kuma ban faɗi sunanta ba. Na ce “baƙuwarmu ta yau”, na bar sunan. Dalili shi ne sunan baƙo shi ne alamar tafi. In ka faɗe shi a ƙarshen sashen Hausa, jama’a za su tafa, ita kuma ta ji sunanta ta miƙe ta nufo lasifika, kai kuwa ba ka fara Faransancin ba. Sai ta tsaya tsaye tana jiranka, ko ta koma ta zauna cikin kunya. A riƙe sunan har a gama harsunan biyu, sa’an nan a faɗe shi sau ɗaya, a yi shiru.

Saura sanarwa. A nan dokar ta juya gaba ɗaya: duk abin da mutum zai yi aiki da shi bayan ya tashi, wato rana da lokaci da wuri da kuɗi, a faɗe shi cikakke da kowane harshe, a hankali, ko da masu jin biyun za su gaji. Kuma a nan ne fassarar kalma da kalma ta fi cutarwa. A Hausar ƙasashen sefa, musamman a bakin mutanen Nijar, waɗanda suke da yawa a Zongo, da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Tamma 100 dala ashirin ce, tamma 500 dala ɗari ce, tamma 1,000 kuma jaka guda. A ciniki ma sau da yawa ba a ambaton dalar, “ɗari” kawai ake cewa. To, in mai gabatarwa ya karanta 500 a takarda ya ce “ɗari biyar”, tsohuwar da ke can gefe za ta ji dala ɗari biyar, wato tamma 2,500, ninki biyar na kuɗin gaskiya, ta yanke shawarar ba za ta zo ba. In kuma ya ce “ɗari” wani ya mayar da ita Faransanci yadda ya ji ta, wasu za su zo da tamma 100 a hannu. Abin faɗi da Hausa shi ne “dala ɗari”, a ambaci dalar a fili, da Faransanci kuma a faɗi 500 tare da sunan kuɗin. Alamar cewa an yi kuskure ba ta ɓuya: za ka ga kawuna suna juyawa, kowa na tambayar na kusa da shi, “Nawa ya ce?”

Lokaci ma haka yake. “Bayan La’asar” magana ce cikakkiya ga mutanen Zongo, amma likitar da ma’aikatanta da agogo suke aiki. Tun kafin taro a zauna a tsai da ƙarfe nawa ake nufi, a ce ƙarfe huɗu na yamma, sa’an nan da Hausa a haɗa biyun: “bayan La’asar, ƙarfe huɗu.” Da Faransanci agogon kaɗai ya isa.

Akwai masu cewa wannan tsari yana tauye wanda harshe ɗaya yake ji, tunda wani abu ya wuce shi. Maganarsu tana da tushe, kuma akwai wurin da na bi ta: in gabatarwar ta ƙunshi ta’aziyya, ko neman gafara a kan wani saɓani, ko godiya ga wanda ya ba da kuɗin taron, sai a faɗa da harsunan biyu, domin wanda bai ji ba zai iya zargin an ɓoye masa. Haka ma barkwanci. In ka ba da dariya da Hausa, baƙuwar ta ga ɗaki ya kece alhali sunan aikinta ne kaɗai ta tsinta a maganar, za ta zaci da ita ake. Ko dai ka gaya mata abin da aka yi wa dariya a jimla ɗaya, ko ka bar barkwancin a gida. Ni na fi son na biyun, don barkwancin da aka fassara ba safai yake ba da dariya ba.

Ga ɗalibin da zai gwada wannan, ya rubuta gabatarwar a takarda ɗaya, ba biyu ba, ya sa alama a gefen kowace jimla: Hausa, Faransanci, ko duka biyu. Ya sauya harshe a ƙarshen jimla kawai, kada ya sauya a tsakiyarta, domin gaurayen da matasa ke yi a hira yana barin dattijo da rabin magana, ya bar baƙuwa da ɗaya rabin. A misalinmu, jimlolin da za su sami alamar “duka biyu” ba za su wuce huɗu ko biyar ba: abin da ya tara mutane, da ranar awo, da lokacinsa, da wurinsa, da dala ɗari.