Ina "Ranka Ya Daɗe" Ke Zuwa a Turanci?

A wasiƙar hakimi zuwa ga sarki, ladabi yana zaune ne a addu'a: gaisuwa da ban girma, "Allah ya ja zamaninka", sannan "bayan haka" ta buɗe ƙofar buƙata. Wasiƙar hukuma a Turanci kuwa ta fi ajiye ladabinta a sigar roƙo. A ganina aikin mai fassara shi ne ya sauya wa girmamawa mazauni, ba ya share ta ba.

Ɗauki wannan jimla: "Ranka ya daɗe, muna son a gyara mana rijiya." Idan aka bi ta kalma da kalma, addu'ar za ta zama baƙuwa, "muna so" kuma ya fito kamar umarni. Idan aka yar da addu'ar, hakimi ya zama tsaran sarki. Mafita ita ce a fassara addu'ar sau ɗaya a mabuɗi, a mai da sauran maimaicinta laƙabin Mai Martaba, buƙatar kuma ta koma neman alfarma.

Ma'aunin mai sauƙi ne: a ba wanda bai ga asalin ba ya karanta. In ya kasa gane wane ne babba, fassarar ta faɗi.