"An gama" ɗin wa?

Idan kai da abokanka kuna da ɗan shagon buga katin biki, kuna bin ayyukanku a Trello ko Google Sheets, leƙa sunayen da kuka sa wa matakan aiki. Da wuya a rasa `Pending` da `Done`. Ni a ganina, waɗannan biyun ne ke haɗa ku faɗa.

A ce katin ɗaurin aure ne guda 300. Mai zane ya kammala nasa, ya tura aikin zuwa `Done`, don a wajensa ai an gama. Mai hulɗa da kwastoma ya gani, ya kira ango ya zo ya karɓa. Ango ya iso, ko takarda ba a yanka ba. To wa za ka ɗora wa laifi?

`Pending` ma ya fi muni. Jiran me? Kuɗi, ko amincewar ango? Kowa na zaton ɗan'uwansa ake jira, aiki ya kwana uku babu mai taɓa shi.

Sunan mataki ya kamata ya nuna hannun wanda aikin yake yanzu. Gwada waɗannan: "Ana zane", "Jiran amincewar kwastoma", "Jiran kafin alƙalami", "Ana bugawa", "A zo a karɓa", "An miƙa". E, sun yi tsawo, amma ba sai an kira waya an tambaya ba.

Kafin ku tsayar da suna, tambayi mutum biyu, kowa daban: idan aiki na nan, wa zai motsa? Amsarsu ta bambanta, canza sunan.