Bankwana Ba Takardar Ofis Ba Ce

Zangon ƙarshe ya zo, daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi 'yan aji shida na ta rubuta jawabin bankwana ga malamansu. Yawancin waɗanda ƙannenmu ke kawo mana mu duba haka suke farawa: "Dangane da batun da ke sama, muna miƙa godiya bisa gudunmawar da ka bayar wajen ciyar da ilimi gaba." Wannan ai takardar sakatariyar ƙaramar hukuma ce, hatimi kawai ta rasa.

Ga yadda muke gwadawa: a cire sunan malamin a sa na wani. In jawabin ya zauna daram, to ba a gaya masa komai ba.

A fara da soke "batun da ke sama", tunda da baki za a faɗa. Sannan a tsare kalmar "gudunmawa" da tambaya: wacce, kuma yaushe? Amsar ita ce jawabin. Misali: "Malam, duk Alhamis muna makara saboda taya iyayenmu kai kaya kasuwar Shinkafi. Maimakon bulala, sai ka riƙa maimaita mana darasin lissafi bayan Azahar. Ba mu manta ba." Guda ɗaya irin wannan ya isa, in aka jero biyar an koma rahoto.

Gaisuwar manyan baƙi ladabi ce, kada a cire ta, amma layi ɗaya. Neman gafara kuwa a yi shi ido da ido, domin yadda hanyoyin yankinmu suke yanzu, wanda aka rabu da shi ba lallai a sake haɗuwa da wuri ba: "Malam, mun sha ba ka wahala. A yafe mana."