Haihuwar ƴaƴa mata ba daga uwa take ba

A nan Gure, kamar sauran garuruwan jihar Damagaram, idan mace ta jera ƴaƴa mata huɗu ko biyar, magana takan fara fitowa daga dangin miji. A ce wance ba ta haihuwar maza. Daga nan sai neman magani, sai shawarar ƙara aure, wani lokaci har saki. Ni malamin makaranta ne, kuma ina ganin wannan zargi yana rayuwa ne saboda mu malamai muna tsallake darasin da zai kashe shi, ko don kunya ko don gudun surutun iyaye.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin ƙwayar akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da gadon halitta, ana kiran su kuromozom. Guda 46 ne, biyu-biyu, wato tagwaye 23. Tagwaye 22 iri ɗaya ne ga namiji da mace. Na ƙarshen ne suka bambanta: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da wani ɗan ƙarami da ake kira Y.

Ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji kowanne rabi yake ɗauka, wato 23, don idan sun haɗu lissafi ya koma 46. To uwa X kaɗai gare ta, saboda haka duk ƙwan da ta saki X ne a cikinsa, ba ta da wani abin da za ta bayar. Uba kuwa, cikin miliyoyin ƙwayoyin maniyyinsa, kusan rabi X suke ɗauke da shi, rabi Y. Ɗaya tak ke shiga ƙwan. In mai X ce ta shiga, an samu XX, ƴa mace. In mai Y ce, an samu XY, ɗa namiji. A wannan lokacin magana ta ƙare, tun kafin matar ta ga batan wata, tun kafin ta san tana da ciki.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1905 wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta duba ƙwayoyin wani ƙwaro mai cin gari, ta ga macen tana da manyan kuromozom 20, namijin kuwa 19 manya da ƙarami ɗaya. A 1990 masu bincike a Landan suka gano ɗan gurbin da ke kan Y mai tayar da halittar namiji, suka sa masa suna SRY. Har wajen mako na shida, ɗan tayi namiji da mace kamarsu ɗaya. Wajen mako na bakwai wannan gurbi yake sa a fara gina ƴaƴan maraina. In babu shi, jiki ya bi hanyar mace. Hoton ciki da ake yi a asibiti yakan nuna jinsi sosai wajen wata na biyar, amma abin da aka riga aka yanke yake nunawa.

Saboda haka duk jiƙo ko garin magani da za a ba mai ciki wai don cikin ya juye namiji, asarar kuɗi ce, kuma abin da ba a san haɗinsa ba yana iya cutar da ita da abin da ke cikinta. Mai maganin kuma ba ya faɗuwa: cikin mata goma da ya ba, kusan biyar za su haifi maza ko da ruwan randa suka sha. Su ne za su yi ta yabonsa a gidan suna. Sauran biyar ɗin a ce ba su kiyaye sharaɗi ba.

Ga yadda nake koyar da shi, kuma kowane malami zai iya, ba sai da ɗakin gwaji ba. A samo ƙwarya biyu. Ta farko ita ce uwa, a zuba farin wake zalla. Ta biyu uba, a zuba farin wake 50 da ja 50, a gauraya. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace ƙwarya. Fari da fari mace, fari da ja namiji. A rubuta a allo, a mayar da waken, a sake gaurayawa. Mayarwar nan ita ce zuciyar darasin, don ita ke nuna cewa haihuwar bana ba ta san abin da aka haifa bara ba. Kowane yaro ya ɗiba sau biyar, a ce gidansa ke nan mai ƴaƴa biyar.

Sai a yi lissafi tare. Damar samun mace a haihuwa ɗaya rabi ce. Mata biyu a jere, ɗaya cikin 4. Uku, ɗaya cikin 8. Huɗu, ɗaya cikin 16. Biyar, ɗaya cikin 32. A aji mai yara 64 ana sa ran wajen gida biyu su fito da mata zalla, wajen biyu kuma maza zalla, alhali ƙwaryar kowa ɗaya ce. Sai ka tambayi yaran: wa ya yi laifi a gidan da ya samu mata biyar? Za su duba ƙwaryar uwa su ga babu jan wake ko ɗaya da za ta iya bayarwa. Sannan ka canza ƙwaryar uwa da wata sabuwa, ka ce ga amarya an kawo. Ita ma farin wake ne zalla. In amarya ta haifi namiji, rabin damar nan ce ta faɗo mata, wadda uwargida ma take da ita a cikinta na gaba. Kakanninmu sun ga haka da idonsu, shi ya sa muke da sunan Tanko, yaron da aka haifa bayan jerin mata, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai dai ina jan kunnen ƴan'uwana malamai a kan abu guda. Kada mu ɗauke laifi daga kan uwa mu ɗora wa uba. Na sha jin ana cewa ashe namiji ne ke zaɓa. Ba ya zaɓa. Daga gare shi X ko Y ke fitowa, amma ba shi da iko a kan wadda za ta riga shiga, kuma haihuwar mata ba alamar raunin mazakuta ba ce. Yaron da ya ɗebo wake ido rufe bai zaɓi komai ba. Mai cewa kyauta ce ta Allah bai saɓa wa wannan darasi ba ko kaɗan. Mai cewa laifin wance ne shi ya saɓa.

Lissafin yana da ƴan iyakoki da ya kamata a faɗa wa manyan ɗalibai. Rabi da rabin ba cif yake ba: a duniya ana haihuwar maza wajen 105 a kan kowace mata 100. Kuma jefi-jefi akan haifi jariri da al'aurarsa ba ta fayyace ba, don wani mataki na ginin jikin bai tafi daidai ba. Wannan maganar likita ce, a kai shi asibiti da wuri, kada a ɓoye shi a ɗaka.

Yara za su tambaye ka tagwaye. Hasan da Hasana ƙwai biyu ne da ƙwayoyin maniyyi biyu, ɗaya mai Y ɗaya mai X, a ciki guda na uwa guda. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya da ya rabu kuwa jinsinsu ɗaya ne. Wani mai wayo kuma zai tambayi dabbobin gida. Akuya, tunkiya, saniya da raƙumi duk irin tsarinmu ne, daga namijin abin yake. Kaji da zabi ne suka juya lissafin: a wurinsu macen ce ke da kuromozom iri biyu, don haka ƙwan kaza ne ke yanke ko zakara za a ƙyanƙyashe ko kaza.