Nasiha Ga Masu Yi Wa Mota Ado Ran Salla

Ya jama'ar Katsina, ku dubi dawakin hawan Salla a Ƙofar Soro: kome yawan ado, ba a rufe wa doki ido. To, don me ake rufe wa mota?

Idon mota shi ne gilashin gaba, da madubai, da fitilu. Kada a rataya kome a kansu. In an gama ado, direba ya zauna mazauninsa, a tsai da yaro gaban motar ta dama da hagu. In bai gan shi ba, a kwance adon, gama ran mutum ya fi tuta.

Sa'an nan fenti. A wanke motar tukuna, domin ƙura a ƙarƙashin ƙyalle takan karce shi in iska ta kaɗa. A ɗaure ado da tsumma mai taushi, ban da waya. Salatif kuwa, in rana ta gasa shi, danƙonsa yakan kama. A cire shi ran nan, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, kada a kankare da reza.

Wanda ya ɓata motar aro da gangan, biya yana wuyansa. Allah ya kiyaye.