Sensar ba ta mutu ba, ku je ku duba bit na tara 🧵

1/ Lokacin furojet ya zo, kuma waƙar ta dawo a guruf-guruf ɗinmu: "MPU6050 ɗina jabu ce", "I2C ba ya yi a STM32", "wa ke da laburare mai aiki?" Mutum ya sayi sensa uku, ya canja laburare huɗu, amma bai taɓa kallon abin da ke bin wayoyin nan biyu ba ko sau ɗaya. Wannan ba gyara ba ne, caca ce. Kuma kuɗin babanka ake ci.

2/ Abin haushin, ƙaramin lojik analaiza mai tasha 8, wanda aka rubuta wa 24 MHz a baya, yana aiki da PulseView, manhaja ce kyauta. Waya uku kawai za ka jona: SCL, SDA da GND. Eh, har da GND. Idan analaiza da bodinka ba su haɗa ƙasa ɗaya ba, duk abin da ka gani a allo tatsuniya ce.

3/ Kafin ka danna Run, duba saurin ɗaukar samfur. I2C na yau da kullum yana gudu a 100 kHz, wato bugun agogo ɗaya mikrosakan 10 ne. Idan ka bar analaiza a 20 kHz, sau ɗaya yake leƙa wayar duk mikrosakan 50. Bugu biyar sun wuce yana gyangyaɗi. Sa shi a 4 MHz, ka samu leƙe 40 a kowane bugu. Amma samfur miliyan 1 a wannan saurin kwatan sakan ne kacal, don haka ka sa tiriga a faɗuwar SDA, ko ka sa kod ɗin ya riƙa maimaita karatun.

4/ Ga misalin da ya fi cin mutane. MPU6050 a jikin STM32, ana so a karanta rajistar WHO_AM_I da ke 0x75. Takardar sensar ta ce adireshinta 0x68 ne, sai ɗalibi ya rubuta:

```c
HAL_I2C_Mem_Read(&hi2c1, 0x68, 0x75,
    I2C_MEMADD_SIZE_8BIT, &id, 1, 100);
```

Amsa: HAL_ERROR. A nan ake yanke wa sensa hukunci ba tare da an ji ta bakinta ba.

5/ To mu ji ta bakinta. Ɗora dikodan I2C a PulseView, ka nuna masa wace tasha ce SCL, wace ce SDA. Zai nuna maka:

```
Start
Address write: 34
NACK
Stop
```

Tsaya a layi na biyu. Kai 68 ka rubuta. Wa ya kira 34?

6/ Kar ka yarda da dikoda haka kawai, zuƙo hoton ka ƙirga da idonka. Layukan biyu suna zaune a sama idan ba a magana. SDA ta faɗi alhali SCL na sama, wannan ne Start. Daga nan duk inda SCL ya tashi, duba inda SDA take: sama 1, ƙasa 0. Bugu takwas na farko za su ba ka 0110 1000.

7/ Wannan 0x68 ɗinka ne, ya fita yadda ka rubuta shi. Matsalar ita ce bayit na farko a I2C kashi biyu ne: bit bakwai na farko su ne adireshi, na takwas yana faɗin rubutu za a yi (0) ko karatu (1). Yanke 0110 1000 a haka, ka samu 0110100 da 0. Kuma 0110100 shi ne 0x34. Ka tsaya ƙofar gidan Audu kana kwaɗa sallama da sunan Tanko, sannan kana fushi ba a amsa ba.

8/ Bugu na tara shi ne na amsa sallamar. A nan STM32 yana sakin SDA, wanda aka kira sunansa ya ja ta ƙasa: ACK. Idan babu mai wannan suna, rizistan da ke riƙe da layin zai bar shi a sama: NACK. Ba wanda ya "aiko" da wannan NACK ɗin. Shiru ne kawai aka ba shi suna.

9/ Dalilin ruɗanin: Wire na Arduino bit bakwai yake karɓa, shi zai matsa su hagu da kansa. HAL na STM32 kuwa so yake ka matsa kafin ka ba shi. Gyaran duka `0x68 << 1` ne, wato 0xD0. Sake ɗauka:

```
Start
Address write: 68
ACK
Data write: 75
ACK
Start repeat
Address read: 68
ACK
Data read: 68
NACK
Stop
```

10/ Na san wani zai ga NACK ɗin ƙarshen nan ya ce har yanzu da saura. Babu saura. A karatu sensa ce ke magana, STM32 ke amsawa, kuma da gangan yake ƙin amsa bayit na ƙarshe don ya ce mata ya isa haka. NACK bayan adireshi matsala ce, NACK a ƙarshen karatu ƙa'ida ce. Wurin da ya faɗo ake dubawa.

11/ "Ai sikana ta I2C ta isa, mene ne na sayen na'ura?" Sikana za ta ce maka akwai abu a 0x68, gaskiya ne. Amma kod ɗinta ne ya yi kiran, kuma shi ya matsa adireshin daidai. Naka kod ɗin yana can yana kiran 0x34. Sai ka ƙara rikicewa: sikana ta gani, ni ban gani ba, lallai laburare ne. Sikana tana faɗa maka wanda ke gida. Abin da bakinka ya furta a ƙofa, analaiza ne kaɗai ya ji.

12/ Idan kuma hoton ya nuna Address write: 68 daidai amma NACK ya biyo, kod ya fita daga zargi. Auna wutar sensar da mita. Duba ƙafar AD0, domin idan tana sama adireshin ya koma 0x69. Duba ko SDA da SCL sun sauya wuri a ɓangaren sensar.

13/ Masu cewa akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma guntun da aka sauya yakan amsa sallama. Za ka ga ACK, sai Data read ya kawo wata lamba, misali 70, wadda ta MPU6500 ce. Wannan hujja ce da za ka iya kai wa mai shago. "Ba ta yi" ba hujja ba ce.

14/ Inda analaiza ya tsaya: 0 da 1 kaɗai ya sani. Ƙa'idar I2C ta ce layi ya gama tashi cikin nanosakan 1000 a 100 kHz, 300 a 400 kHz. Dogayen wayoyi da rizista mai girma suna sa layin ya tashi a kasale, amma analaiza zai zana maka shi tsaf kamar da rula. Idan abu yana yi a 100 kHz, yana ƙi a 400 kHz, kuma bit ɗin duk daidai suke a hoto, gajarta wayoyin, sauke rizistan daga 10k zuwa 4.7k ko 2.2k, ka nemi osiloskop na lab ka ga tashin da idonka.

15/ Don Allah, mai turo tambaya a guruf daga yau ya haɗo da hoton PulseView, a zuƙo daga Start zuwa bugu na tara, sunayen tashoshi da saurin samfur suna fitowa. Hoton bodi da wayoyi cakuɗe kamar taliya ba ya nuna mana 34 ne ya fita ko 68.